Ƙofofin ɗakin Gwaggo: mariƙi mai murɗawa ko mai dannawa?

Idan tsoho ya fara barin ƙofar banɗaki a buɗe ko ya sakaya ta kawai ba tare da harshen ƙofar, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe ta a rufe, ya shiga raminsa ba, yawancinmu mantuwa muke ɗauka, ko mu ce ai tsufa ne ya rage masa kunya. Sau da yawa ba haka ba ne, tsoron kada ya rufe ya kasa buɗewa ne. Lamarin da zan kawo na yayar mahaifina ne, Gwaggo, ta haura saba'in da biyar, hankalinta garau, tana tafiya da sanda amma tana zirga-zirgarta a cikin gida. Matsalarta amosanin gaɓɓai ne a hannaye biyu, ya fi tsanani a gindin babban yatsa na hannun dama, wato daidai inda yatsan ya haɗu da wuyan hannu. Likitanta ya ce irin wanda guringuntsin gaɓa ke cinyewa ne saboda shekaru, kuma wannan gaɓar tana cikin waɗanda suka fi kamuwa musamman a mata masu shekaru.

Ƙofofin cikin gidan duk mulmulallen mariƙi ne da su, irin mai ƙyallin nan da ake damƙa a murɗa. Ita kuma ba ta taɓa cewa komai a kai ba. Jikarta ce ta lura kullum da safe sai ta ga Gwaggo ta naɗe mariƙin ƙofar ɗakinta da gefen tawul ta kama da hannu biyu tana murɗawa tana cije leɓe, wani lokacin ma sai ta jingine sandar a bango tukunna, kun ga a wannan lokacin ba abin da ke riƙe da ita kenan sai ƙofar da take ƙoƙarin buɗewa. Da aka tambaye ta sai ta ce "ai ba komai ɗan nan, hannun ne da safe sai a hankali." Na banɗaki kuwa ta daina rufewa gaba ɗaya.

Abin da ya sa mai murɗawa ke wahalar da irin wannan hannun ba nauyinsa ba ne kawai. Abu mulmulalle ba shi da inda za ka tura, duk juyin da zai yi ta hanyar kamun fatar hannunka da jikin ƙarfen ne, to dole sai ka matse shi sosai kafin ya bi ka, kuma kana cikin matsewar ne za ka juya wuyan hannu. Aiki biyu a lokaci ɗaya, kuma babban yatsa ne ke ɗaukar kaso mafi yawa na matsewar, shi ne kuma mai ciwon. Da zarar hannu ya jiƙe ko da sabulu a jiki, ko an shafa man zafi wanda ita Gwaggo kullum sai ta shafa kafin ta kwanta, kamun ya ragu, sai an ƙara matsewa ninki kafin abu ya motsa. Shi ya sa na banɗaki ya fi ba ta tsoro, don da jiƙaƙƙen hannu ake fitowa.

Sai kuma maganar tsayi. Na auna nata, faɗin dunƙulen wajen santimita biyar da rabi, daga tsakiya zuwa baki kenan bai kai santimita uku ba. Dogon mai dannawa yawanci santimita 11 zuwa 12 ne daga inda yake juyawa zuwa ƙarshensa. Idan harshen ƙofar ɗaya ne, ƙarfin da ake buƙata a ƙarshen dogon ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ake buƙata a bakin dunƙulen, kamar dai yadda dogon sifana ke kwance notin da gajere ya kasa. Kuma wannan ɗan ƙarfin ma ba daga yatsu zai fito ba, nauyin hannun ne kawai ake saukewa a kai, da tafin hannu ko gefen hannu ko gwiwar hannu in ta kama. Saboda haka ne ƙa'idar gini ta Amurka mai kula da masu buƙata ta musamman ta ce mariƙin ƙofa ya zama wanda za a iya sarrafawa da hannu ɗaya ba tare da matsewa sosai ko tsunkula da yatsu ko murɗa wuyan hannu ba, birnin Vancouver na Kanada kuma ya hana sa mai murɗawa a sababbin gine-gine har da gidajen zama. A kan wanne ya fi wa mai raunin hannu, gaskiya ni ban ga abin jayayya ba, mai dannawa ne. Inda aikin yake shi ne abin da ya biyo bayan wannan hukuncin.

Kafin a sayi komai kafintan da muka kira, dattijo ne shi ma, ya ce a bari ya gwada ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Gwajin nasa mai sauƙi ne kuma kowa zai iya yi. Ka buɗe ƙofar ka bar ta a wangale ka murɗa mariƙin ka ji nauyinsa, sannan ka rufe ta ka sake murɗawa. Idan nauyin ɗaya ne to ƙofar lafiya take, abin da kake ji sifirin ɗin ciki ne kawai. Idan a rufe ya fi tauri to harshen yana gugar ƙarfen ramin da ke jikin firam, kuma wannan gugar ko wane irin mariƙi ka sa tana nan. Na banɗaki da na kicin ba bambanci. Na ɗakin kwananta kuwa a buɗe da yatsa biyu nake juya shi, a rufe sai da na damƙa da gaske, ni da hannuna lafiya lau, to ina ga ita.

Ya goga alli a kan harshen ya rufe ya buɗe, sai ga farin a gefen ƙasa na ramin. Ƙofar ta zauna kenan, ta sunkuya ta ɓangaren mariƙi. Da ya ɗaga ƙyauren da hannu sai muka ga hinjin sama yana motsi, sukurorinsa biyu sun saki katakon ya cinye suna juyawa a banza. Ya cire su ya cusa ƴan siraran itace da gam a ramukan ya sa wasu sukurori da suka fi tsawo, ƙofar ta koma sama kaɗan, sauran gugar da ta rage ya bi bakin ƙarfen ramin da magagari ya ci kamar milimita ɗaya zuwa biyu. Bayan wannan, tsohon mulmulallen ma sai ya yi sauƙi sosai har Gwaggo ta ce to ai shi kenan a bar shi kar a ɓata kuɗi. Mun gwada ta da man a hannu, ta kasa, hannun zamewa kawai yake. Amma dai abin lura shi ne da an tsallake wannan gyaran an ɗora sabon mariƙi a kan ƙofar da ta zauna, da za ta riƙa danne shi da ƙarfi kullum, harshen yana maƙalewa yana saki farat ɗaya, kuma cikin ɗan lokaci mariƙin zai fara sassaucewa a ce ai kayan ne ba su da kyau.

Akwai wata gugar kuma da ba ta ƙasa ba ce, ta gefe ce, idan ƙyauren ya kumbura ko ya ɗan lanƙwashe yana danne harshen a bangon ramin. Alamarta ita ce in ka ɗan tura ƙofar ko ka jawo ta zuwa wajen rufewa kana murɗawa sai ka ji ta saki. Masu ƙarfi suna yin wannan ba su ma san suna yi ba, sun saba da halin ƙofarsu, tsoho mai sanda a hannu ɗaya shi ne ba zai iya ba.

Daga nan aka zo awo. Mulmulallun nata irin waɗanda ake huda wa babban rami zagayayye ne a jikin ƙyaure, faɗin milimita 54, kuma daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar ramin milimita 60 ne (wasu ƙofofin 70 ne, saiti da yawa harshensu ana iya matsar da shi ya dace da kowanne). Wannan ya sauƙaƙa abu don akwai masu dannawa da aka yi daidai wannan ramin, sukurori biyu a mariƙi biyu a harshe, an cire an mayar, ba huda ba fenti. Wanda nasa wani iri ne daban, wato mai sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke ratsa ƙofar, sai ya auna kaurin sandar, yawanci milimita 8 ne amma akwai mai 7, ya kuma duba ko farantin sabon zai rufe tabon tsohon. Mafi sauƙi dai a kwance tsohon a tafi da shi hannu wajen saye tare da awon kaurin ƙyauren.

Kafintan ya nace a canza har da harshen, kada a ce mariƙin kawai. Dalilinsa shi ne dunƙule nauyinsa a daidaice yake ta ko'ina, don haka harshen da aka yi masa sau da yawa sifirinsa mai laushi ne, shi kuwa dogo duk nauyinsa gefe ɗaya ne yana jan ƙasa. In ba shi da nasa sifirin a cikin farantin kuma na harshen ba ƙarfi, bayan wani lokaci za ka gan shi ya langaɓe, kuma langaɓewar nan tana janye harshen ciki kaɗan, ƙofa ta riƙa buɗe kanta. To amma kuma akwai masu sifirin mai tsananin tauri, irin na ofisoshi da makarantu, su ma ba na tsoho ba ne. Yadda muka tantance shi ne dunƙule hannu a danna da gefensa ba tare da buɗe yatsa ko ɗaya ba, in ya sauka cikin sauƙi ya koma ya miƙe da kansa to ya yi.

Siffar ma mun daɗe a kanta fiye da yadda na zata. Masu kyan gani yawanci sirara ne masu kaifin gefe ko falle-falle, suna nutsewa a fata, ga mai kumburarrun gaɓɓai wannan ciwo ne sabo. Mun ɗauki zagayayye mai kauri kusan santimita biyu, wanda ƙarshensa ya lanƙwaso ya dawo wajen ƙyauren ya bar ɗan fili kaɗan. Lanƙwasar nan aiki biyu take yi, hannu ba ya zamewa ya fita ta ƙarshe lokacin jawo ƙofa, sannan ba ya kama hannun riga ko igiyar jaka. Kar a raina maganar kama rigar nan, matashi in mariƙi ya fizge shi tsaki kawai zai yi, tsohuwa mai sanda in an fizge ta ta baya ƙasa za ta yi. Haka nan a duba filin da ke tsakanin mariƙin da ƙyaure, yatsun Gwaggo sun kumbura a gaɓoɓi, mai matse jiki da ƙofa yana goge mata bayan yatsu. Kala kuma muka ɗauki baƙi tunda ƙofofin farare ne kuma idonta ya fara rauni, da dare ko da ɗan haske tana ganinsa. Wani abu da ke kama mutane: wasu masu dannawar suna da dama da hagu, musamman masu lanƙwasa ƙasa, in ka sayi na ɗaya ɓangaren sai ya zo a kife, to a tambaya ko ana juya shi.

Na banɗaki shi ne ya fi cin tunani, saboda makulli. Tsohon yana da ɗan maɓalli ƙarami a tsakiyar dunƙulen da ake tsunkula da yatsa biyu a juya, kuma masu dannawa da yawa haka nasu yake, ƙaramin abu kamar kan biro. Ka ga an gyara mariƙi an bar mata ainihin motsin da ya fi yi mata zafi, don tsunkula da babban yatsa da manuni shi ne ya fi matsa wa wannan gaɓar. Mun nemo wanda maɓallinsa turawa ake yi, kuma da an danna mariƙin daga ciki makullin ya saki da kansa, daga waje kuma yana da ɗan rami da ake buɗewa da siririn ƙarfe in wani abu ya faru. Ɗan ƙarfen muka rataye shi a saman firam ta waje aka nuna wa kowa a gidan. Tsohuwar sakatar da ke sama kuma aka cire ta ɗungurungum, don sakata in an zura ta daga ciki mutum ya faɗi, ba yadda za a yi sai ɓalle ƙofa. Gwaggo ta ɗan yi ƙorafi a kan sakatar, ta ce ita da ita ta saba, sai da jikar ta shiga ta kulle ta nuna mata ba mai iya buɗewa da mariƙi daga waje sannan ta yarda.

Ƙofar shigowa daman mai dannawa ce, amma da ɗan makulli ake kulle ta ciki da waje, murɗa shi kuma sai ta sa hannu biyu. Aka canza silindar zuwa mai babban abin juyawa ta ciki, ɗan makullin nata na waje kuma aka sa masa faffaɗan mariƙi na roba da take kamawa da tafin hannu gaba ɗaya. Wannan bai ɗau lokaci ba.

Bayan an gama komai ya tafi daidai, safiya ba tawul, banɗaki tana rufewa. Sai wata matsala ta fito wadda da can babu ita. Ƙofar banɗakin waje take buɗewa, kuma akwai ɗan tudu a bakinta. Da can in za ta fito takan dafa mulmulallen ta ɗora nauyinta a kai ta gyara tsayuwa, shi kuma ko a jikinsa tunda dannawa ba ta buɗe shi. Sabon kuwa nauyi yake jira. Wata safiya ta dafa kamar yadda ta saba tun ba ta gama gyara ƙafa ba, mariƙi ya sauka, ƙofa ta tafi da hannunta gaba, Allah ya kiyaye kafaɗarta ta tokare da firam ba ta kai ƙasa ba, amma ta tsorata ƙwarai har ta ce a mayar mata da tsohon.

Wannan shi ne babban aibin mai dannawa a wurin tsofaffi kuma ba a cika faɗarsa ba. Sauƙin da ya sa yake buɗewa da gwiwar hannu shi ne yake sa ya buɗe lokacin da ba a nufa ba, kuma hatsarin ya fi yawa a ɓangaren da ƙofa ke tafiya gaba, in ta wajen da ake jawowa ne ko ya sauka ƙofar ba ta gudu ta bar ka. Mayar da tsohon ba mafita ba ce, don hannun yana nan yadda yake. Abin da ta rasa wurin dafawa ne, shi aka ba ta: ƙarfen dafawa a tsaye a jikin bango ta cikin banɗakin, gefen da mariƙin yake, kaurinsa santimita uku da wani abu, tsakiyarsa daidai gwiwar hannunta in tana tsaye. An huda bangon an ɗaure shi da sukurori masu kyau, ba irin mai mannewa da iska ba, waɗancan suna saki ba sanarwa musamman a tayil mai laima. Aka kuma yi ta maimaita mata tsarin har ya zauna, ta kama ƙarfen da hagu, ta danna da dama, sai ƙofar ta gama buɗewa sannan ƙafa ta motsa, sandar kuma tana rataye a wuyan hannu da igiyarta. Hanyar gane ko naka tsohon zai shiga wannan matsalar ita ce ka tsaya ka kalle shi yana wuce ƙofa tun kafin a canza komai, in kafaɗarsa tana sauka ta wajen mariƙin ko yana daɗewa riƙe da shi bayan ƙofar ta buɗe, to dogara yake yi, a sa ƙarfen dafawar rana ɗaya da mariƙin.

Ƙofa ɗaya ce muka bari da mulmulallenta da gangan, ta ɗan sito inda ake ajiye maganin ƙwari da kayan wanke-wanke. Akwai ƙananan yara a gidan, kuma yaron da bai iya murɗa dunƙule ba in ya yi ɗage ya rataya a jikin dogo ƙofa ta buɗe, kyanwa ma tana koya. Gwaggo ba ta da abin ɗauka a can, abin da take amfani da shi aka dawo mata da shi kusa. Gidan da tsohon ke da ruɗewar tsufa yana fita ba a sani ba, lissafin ƙofar waje ya bambanta da namu, wannan sai an zauna da likitansa, don duk abin da zai hana shi fita yana iya hana shi tsira in gobara ta tashi.

Wanda ke gidan haya aka hana shi canzawa, akwai rigar roba da ake sa wa dunƙulen da kuma ɗan dogon hannu da ake ɗaurawa a kansa. Kafin a kawo namu mun gwada ta robar a ƙofar kicin, ta magance santsi amma har yanzu sai an matse an murɗa, don haka ga mai ciwon gindin babban yatsa taimakonta kaɗan ne. Mai ɗaurawar ya fi, sai dai yana sassaucewa ya riƙa juyawa a kan dunƙulen ba tare da ya ja harshen ba, sai ana bin sukurinsa ana ɗaurewa.

Su ma namun sababbin suna da wannan halin ta wani wajen. Akwai ɗan ƙaramin sukur a ƙarƙashin wuyan mariƙin da ake ɗaurewa da alanki, bayan ƴan watanni na ɗakin kwanan ya fara wasa, in ka girgiza shi sai ka ji ƙas-ƙas kafin ya kama. In aka bar shi wata rana zai zare ya biyo hannunta tana cikin jawo ƙofa, ita kuma ta tafi ta baya. An ɗaure shi, alankin kuma yana cikin durowar kicin, jikar ce ke bin ƙofofin duk lokacin da ta ji wani ya fara motsi.